Jimlar da aka taɓa, a sake karanta ta daga aya zuwa aya

Yawancin kurakuran da ake tsinta a bitar ƙarshe ba a rubutun farko aka haife su ba, a wurin gyara ne. Mai rubutu ya zauna ya tsara jimlarsa lafiya lau. Daga baya wani ya ce a canza kalma, ko a ɗauko rabin ƙarshe a kai gaba. Aka canza, aka dubi wurin da aka taɓa kaɗai, aka wuce. Abin da ke saura iri biyu ne: kalmar da ta fito sau biyu saboda tsohuwar ba ta goge ba, da kalmar da ta ɓace saboda ta bi abin da aka yanke.

A shagunan buga takardu na Maradi, daga na kewayen babbar kasuwa har waɗanda ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ke kai wa kundin kammala karatu, yadda aka saba shi ne mai takarda ya tsaya bayan sakatare yana kallon fuskar kwamfuta. “Cire wannan, sa wancan, to, fidda mini guda hamsin.” Gyara da bugu a zama ɗaya. Nan Faransa inda nake zaune, madaba'a ba ta tayar da inji sai ta ba mai aiki samfuri ya karanta ya amince, kuma kuskuren da ya wuce bayan amincewarsa nasa ne. A gidajen wallafa littattafai kuwa, mai bitar ƙarshe daban yake da wanda ya rubuta, kuma bayan an shigar da gyara ana komawa a duba ko gyaran bai haifi sabon kuskure ba. Wannan tsari ya fi namu, ba na musu. Amma akwai rabin da ba na so mu kwaso, wato jingina ga kwamfuta ta kama maimaici, domin Hausa ba ta yarda da shi ba.

Ga misali. A ce wata ƙungiyar manoma ta kawo sanarwa a buga mata, da wannan jimla a ciki:

“Ba za a karɓi wake daga wanda bai biya kuɗin ƙungiya ba.”

Ku lura, korewa biyu ce a nan, “ba za a karɓi” da “bai biya”, amma “ba” ɗaya ce a ƙarshe take rufe su duka. Haka Hausa take yi, ba mu cewa “ba ba” a ƙarshen irin wannan jimla. Sai shugaban ƙungiya ya ce shi yana so a fara da mai laifin, don ya ga kansa tun daga farkon layi. Sakatare ya yanke daga “wanda” har zuwa “ba”, ya liƙa a gaba, ya ga “daga” ta tsaya a iska, ya ƙara mata “gare shi”. Yanzu ga abin da ke kan allon kwamfuta:

“Wanda bai biya kuɗin ƙungiya ba ba za a karɓi wake daga gare shi.”

Abu biyu sun faru. Waccan “ba” mai aikin mutum biyu ta bi rabin da aka ɗauke, don haka “ba za a karɓi” ta rasa marufi. Kalma ta ɓace ke nan, kuma babu jan layin da zai nuna gurbinta. A tsakiya kuma “ba ba” sun haɗu, ɗaya tana rufe “bai biya”, ɗaya tana buɗe “za a karɓi”. Dukansu halas ne, waƙafi kawai suke nema a tsakani. To amma ido ya saba ganin kalma biyu a jere a matsayin kuskure, Word ma yakan ja musu layi ya ba da shawarar a goge ɗaya. Idan aka bi shawarar, ga abin da za a liƙa a ƙofar sito:

“Wanda bai biya kuɗin ƙungiya ba za a karɓi wake daga gare shi.”

Jimla ce cikakkiya, babu abin da ke karo da kunne, kuma ta faɗi kishiyar abin da ƙungiya take nufi. An goge kalmar da ba ta yi laifi ba, an bar gurbin wadda ta ɓace. Daidai ɗin shi ne “Wanda bai biya kuɗin ƙungiya ba, ba za a karɓi wake daga gare shi ba.” Gyaran da shugaba ya nema yana buƙatar a ƙara “ba” sabuwa wadda ba ta cikin jimlar farko, abin da yanke da liƙa ba zai taɓa yi da kansa ba.

Faransanci yana da nasa ƴan tagwayen halas, amma ba su da yawa, mai bita ya haddace su. Namu sun cika gida. “Da da hali, da na zo.” “Hadiza ta ta da yaron daga barci.” “Ba ba shi aka yi ba, aro ne.” Ga kuma “yana da ɗa”, wanda yake komawa “yana da da” a duk kwamfutar da ba a sa mata haruffa masu lanƙwasa ba. Ga ninki na rabo: “a ba su jika biyar-biyar” daban yake da “a ba su jika biyar”, kuma in mutum goma ne, bambancin jika arba'in da biyar ne. Shi ya sa ƙa'idar rubutu ta sa karan ɗori a tsakanin irin waɗannan. Wanda ya rubuta “biyar biyar” ba karan ɗori ya bar wa mai bita ƙofar da zai goge ɗaya da zuciya ɗaya.

Maimaicin da yake kuskure na gaske kuwa, kusan kullum ƙananan kalmomi ne: da, a, na, ta, ya, ba, ne. Yadda yake zuwa ba wuya. “Takardar da aka aiko” za a mayar “takardar da shugaba ya aiko”. Sakatare ya goge “aka”, ya rubuta sabon guntun yadda ya ji shi a kunnensa, “da shugaba ya”, alhali tsohuwar “da” tana nan. Idan aka yi rashin sa'a ɗaya ta faɗo a ƙarshen layi, ɗaya a farkon na ƙasa, mutum uku sai su karanta ba wanda ya gani, saboda ido yana tsalle daga dama ya koma hagu, kuma a wannan tsallen yake haɗe su ya mayar da su ɗaya.

Wannan nau'in kwamfuta tana iya tono shi, ko da an kashe jan layi, abin da sakatarori da yawa ke yi tunda Word ɗin shago a Faransanci yake, kowace kalmar Hausa ja take fita. A danna Ctrl+H, a buɗe `Plus >>`, a sa alama a `Utiliser les caractères génériques`, a rubuta wannan a gurbin nema:

```
(<[A-Za-zɓɗƙƴƁƊƘƳ]@) \1>
```

Zai tsaya a duk inda kalma ta biyo kanta da tazara ɗaya a tsakani. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya da `Suivant`, kowace a karanta jimlarta a yanke hukunci. `Remplacer tout` kada hannu ya kusance shi a rubutun Hausa, don shi ne zai yi wa shafi ɗari abin da aka yi wa sanarwar wake. Iyakar wannan nema ita ce yana bambanta babban harafi da ƙarami, don haka “Da da” a farkon jimla zai wuce shi, haka ma in tazara biyu ce a tsakani.

Ɓatacciyar kalma ita ce babbar matsala, domin ba a neman abin da babu. Mai rubutu shi ya fi kowa makancewa a nan: ya san abin da yake nufi, kansa yana cike masa gurbi kafin idonsa ya kai. Wasu ɓatan suna tona kansu, kamar “takardar aka aiko”, wadda kunne ba zai bari ta wuce ba. Masu haɗari su ne waɗanda ke barin jimla a tsaye. “Kada a fesa maganin da rana tsaka”, in “kada” ta bi wani guntu da aka goge a gabanta, sai ta zama umarnin a fesa. “Za a rufe sito ranar Juma'a”, in “za” ta tafi, sanarwa ta koma oda. Linzamin kwamfuta yana da hannu a ciki, tunda Word yakan cika zaɓi zuwa kalma sukutum idan ana jan sa, sai ya haɗa da ƴar kalmar da ke maƙwabtaka ba a lura ba.

Maganin da ke aiki na farko shi ne a ajiye kwafin takarda kafin a fara gyara, da wani suna. Bayan an gama, a shiga `Révision`, a zaɓi `Comparer`, a ba shi tsohuwa da sabuwa. Zai nuna duk kalmar da ta fita da duk wadda ta shiga, har waɗanda ba a yi niyya ba. Wanda kuma yake aiki da `Suivi des modifications`, kada ya yi bitar ƙarshe cikin jan rubutu da soke-soke, inda tsohuwar kalma da sabuwa suke kwance tare. Ya juya zuwa `Aucune marque` ya ga jimlar yadda za ta fito a takarda.

Na biyu kuwa ba mu buƙatar aro daga kowa. Almajiri ba ya tafiya da allon da ya rubuta sai malam ya duba, an biya shi da baki, an cike abin da ya tsallake. A fidda shafi ɗaya tak kafin hamsin ɗin. Mutum ɗaya ya karanta da murya, yana bin kalma da bakin bik, ya rufe layukan ƙasa da farar takarda. Ɗayan, wanda ba shi ya rubuta ba, ya saurara. Harshe ba ya tsallake “da da” yadda ido ke yi, kuma kunnen Bahaushe yana jiran “ba” ta biyu da zarar ya ji ta farko. Duk jimlar da ke da korewa a ƙirga ta: bai, ban, ba ta, ba za a, kowacce ina marufinta? Sai a tuna “ba ya zuwa” da “ba a shiga” ba su da marufi tun asali, kada a ƙara musu.

Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, sa ran da ake yi shi ne takardun Hausa su ƙaru a teburin sakatarori, mutanen da aka horar da hannunsu da idonsu a kan Faransanci. Ƙa'idar da nake so shagunan Maradi su ɗauka daga nan ƙarama ce: in an sami kuskure a bitar ƙarshe aka gyara, wannan gyaran ma sabon taɓi ne. A koma farkon jimlar, a karanta ta da baki har aya, da wadda ke gabanta da wadda ke bayanta, sannan mai takarda ya sa hannu a kan samfurin kafin a danna bugu.