Ranar Da Na Zama Hajiya a Wajen Dillalin Mota

Hajiya, mahaifiyarmu, na fama da ciwon gwiwa. Tun damunar bara ta daina yarda da Kamrina, don in ta zauna a ciki sai mutum biyu sun ɗago ta, ita kuma ba ta son a kama mata hannu a gaban jama'a. Aka yi taron gida aka ce a haɗa kuɗi a sai mata mota. Yaya ya kira daga Abuja ya ce Prado ko a fasa. Har yau kasonsa bai shigo ba, amma bari in bar wannan tukuna.

Na ce Hajiya ta zo mu je ta gwada da kanta, ta ce ita ba za ta je titi tana hawa tana sauka 'yan kallo na lissafa mata shekaru ba. Sai na ari tef a wajen telan bakin layinmu, na sa ta tsaya na auna daga ƙasa zuwa tsakiyar cinyarta ta baya, ya ba ni inci 24. Abin da ake nema ke nan: in mutum ya juya wa kujera baya, bakinta ya taɓa shi sama da gwiwa, ƙasa da mazaunai, yadda zai ɗan jingina kawai ya zauna. In ta yi ƙasa, gwiwa ce za ta ɗauki nauyin jiki duka wajen tashi. In ta yi sama, sai an taka an hau, ƙafa ɗaya ta ɗauki mutum. Ƙanwata ta ƙara da cewa in tuna Hajiya zani take ɗaurawa, ba wando ba, ƙafa ba ta buɗewa yadda nake zato. Wannan maganar ce ta jawo min.

Na isa wajen wani dillali ta wajen titin Ali Akilu a Kaduna da hantsi. Yana ganina ya nufi Prado da ni, baƙa, sai sheƙi take, ya ce, "Alhaji, ai uwa ba ta wuce wannan ba." Na sa tef, kujerar ta haura inci 30. Ya ce ai da matakala. Na ce matakala ita ma hawa ce, kuma wajen saukowa mai ciwon gwiwa ba ya ganin inda zai sa ƙafa. Ya ce sai na gwada. Ni kuwa na ce in zan gwada, a matsayin Hajiya zan gwada.

Na ɗauki tef ɗin na zagaye ƙwaurina biyu na ƙulle, na bar tazara kamar ta zani. Na sandare gwiwar hagu, na riƙe sandar Hajiya da na taho da ita. Ƙafar dama ta kai matakala da ƙyar. Na kama mariƙin jikin ginshiƙin gaba na ja jikina sama, kaina ya bugi bakin rufi, hulata ta faɗi ta gangara ƙarƙashin wata Sienna. Yanzu rabina na ciki rabina na waje, ƙafar hagu na reto, tef ya ɗaure tam, ga sandar ta shige tsakanin kujera da ƙofa ta tokare min haƙarƙari. Na yi gaba abin ya ƙi, na yi baya ba ƙasa. Ina nan maƙale kamar ɗan akuya a katanga sai na ji wandona ya ce ƙiii ta baya.

Yaran da ke wanke motoci suka ajiye bokiti. Dillali yana ta "sannu Alhaji, a hankali Alhaji", amma muryarsa na rawa, na san dariya yake haɗiyewa. A daidai lokacin nan Allah ya kawo kawun matata, wanda ya fito daga banki.

Mutumin nan tun ranar ɗaurin aurena bai yarda ina da lafiya ba. Shi ne ya ce na cika rama, a bincika. Ya tsaya ya dubi sanda, ya dubi ƙafafuna a ɗaure, ya dafa ƙirji ya ce, "Inna lillahi! Yaushe abin ya same ka? Shi ne 'yar nan ta ɓoye mana?" Na ce, "Kawu, lafiyata ƙalau, Hajiya nake kwaikwaya." Ya juya ya ce wa dillali, "Ka ji ko? Har ya taɓa kan." Shi ya rungumo ni ta ƙugu ya sauke ni, yana tofa min addu'a a ƙeya, ya kuma hana a kwance tef ɗin wai kada a ɓata aikin mai magani. Kafin azahar an kira matata daga Zariya, daga Rigasa, har daga Funtuwa ana jajen shanyewar ɓarin jiki. Mutumin da ko biki ba ya zuwa a kan lokaci, ranar ya isar da labari jiha biyu cikin awa uku.

Duk da haka ban tafi ba, na saki riga ta rufe ɓarnar na ci gaba. Sienna ta ba ni sha'awa saboda ƙofar da ake ja gefe, ba ruwanka da matsin wurin fakin, kuma bakin shiga a buɗe yake sosai. Sai dai kujerar tsakiya ta ɗan shige ciki, sai ka taka ka shiga a duƙe kafin ka zauna, Hajiya kuwa duƙawa ma aiki ce. Wata Matrix da ke gefe ta fi Kamri tsayi kaɗan, da kuɗin sun gaza da ita zan ɗauka.

CR-V ta 2010 ce ta zo daidai. Na tura kujerar gaba baya har ƙarshe, na juya mata baya, na zauna tukuna ƙafafuna na ƙasa, sannan na juyo da su ciki tare. Haka ya kamata mai ciwon gwiwa ya shiga kowace mota, zama kafin ƙafa, ba a fara zura ƙafa ɗaya ana tsaye a kan ɗaya ba. Na duba dokin ƙofar, bai da faɗi kuma bai yi tudu sosai sama da daɓen motar ba, don wannan tudun ne ke kama diddige wajen fita. Kujerar fata ce, jiki na juyawa a kanta ba ya cijewa kamar a kan yadi. Mai kujerar yadi sai ya shimfiɗa leda a juya a kai, a zare ta kafin a tashi motar. Aibin fata ɗaya ne, in ta sha ranar Afrilu a Kaduna ba a zama sai da tawul.

Da na kai gida sai wata rigimar ta taso, Hajiya ta ce ita ba ta zama gaba kusa da direba, ba mutuncinta ba ne. A baya kuwa wurin fitar da ƙafa, tsakanin kujera da ginshiƙin tsakiya, ya fi matsi. Sai muka daidaita a kan a riƙa tura kujerar gaba can gaba, ta shiga baya ta gefen dama. Ta shiga, ta fita, ba wanda ya taɓa ta. Ta ce ba laifi, amma me ya sa ruwan toka.

Yaya ya turo saƙon murya na minti shida yana cewa mun zubar da girman gida. Tela ya ce tef ɗinsa ya miƙe, sai na biya. Kawu kuma jiya ya aiko yaro da man shafawa a kwalbar lemo, wai safe da yamma, kuma in daina tuƙi.