Wanda ke tsara layi a Ethereum shi ke cin kuɗin mai ciniki

Duk mai sayen kirifto a Uniswap, dandalin musayar kirifto da ke aiki a kan Ethereum, ya kamata ya san inda cinikinsa ke zama kafin ya tabbata. Da zarar mutum ya danna amincewa a wayarsa, galibi umarninsa yana shiga rumbun jira da ake kira mempul, inda kowa ke iya karanta abin da zai saya, da adadin kuɗin, har da mafi munin farashin da ya yarda ya karɓa. Ethereum na fitar da sabon bulok, wato ƙunshin cinikayyar da aka tabbatar, duk daƙiƙa 12, kuma mai gina bulok ba ya bin wanda ya riga zuwa, yana jera cinikayya ne yadda za ta fi kawo masa kuɗi. Wannan riba ita ake kira MEV.

A ɗauka akwai asusun musaya mai ETH 100, wato kuɗin Ethereum, da USDC 200,000, wato kirifton da darajarsa ke bin dalar Amurka. Ƙa'idarsa ita ce idan aka ninka adadin biyun, sakamakon ba ya canzawa, don haka kowane saye yana ɗaga farashi. Wani ya shigo da USDC 20,000, wanda idan aka ajiye kuɗin hidima gefe zai ba shi ETH 9.09, amma ya bar Max slippage, wato iyakar sauyin farashin da ya yarda da shi, a kashi 5 cikin ɗari saboda gudun kada cinikin ya faɗi. Manhajar wani ɗan farauta ta hango shi, ta sha gabansa da USDC 5,000, ta sami ETH 2.44. Da cinikin mai sayen ya shiga, sai ETH 8.67 kawai ya samu. Nan take manhajar ta sayar da nata a bayansa, ta karɓi kimanin USDC 6,000. Ribar kusan dubu ɗaya ke nan a bulok guda, kuma daga aljihun mai sayen ta fito.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wayarsa za ta nuna masa cewa ciniki ya yi nasara, tunda asarar ba ta wuce iyakar da ya sa da hannunsa ba. Sai ya buɗe bulok ɗin a Etherscan, shafin duba cinikayyar Ethereum, zai ga adireshi ɗaya ya saya daf da gabansa, ya kuma sayar daf da bayansa.

Masu kare wannan ɗabi'a suna cewa bayanin a fili yake ga kowa. Ban gamsu ba, domin ganin layin daban, ikon tsara shi daban, kuma babban kaso na ribar yana ƙarewa ne wajen masu gina bulok da masu tantance shi, a matsayin kuɗin sayen matsayi.

Rage Max slippage zuwa kashi 0.5 yana ƙuntata abin da za a iya yaga, ko da yake ciniki zai riƙa faɗuwa idan kasuwa na tangal-tangal. Aika umarni ta Flashbots Protect, wata hanya da ke kai shi kai tsaye ga masu gina bulok, kuma yana ɓoye shi daga mempul, amma ya zama dole mutum ya amince da masu ginin da aka miƙa wa shi a asirce.