Kukar Goggo da ta zama maganin jarirai

Goggona ce ke sana'ar garin kuka a nan Kano, ita ke sayo ganyen ta shanya a inuwa don kar koren ya dushe, a daka a tankaɗe ta ƙulla a leda. Da kasuwa ta buɗe sai ta ce tana son sitika irin ta 'yan gayu, kuma tunda ni ne ɗan bokon gidan wai in nemo mata take mai kama kunne. Na ce Goggo an gama: "Kukarmu maganin kuka." Ranar har guɗa aka yi min a tsakar gida, don duk Bahaushe ya gane, yaro na kukan yunwa a tuƙa tuwo a kaɗa miya shikenan an yi shiru.

To daɗin taken nan gaba ɗaya a kan kalma ɗaya ya rataya. Kuka ta bishiya da kuka na hawaye a baki ba ɗaya ba ne, ta bishiya muryar sauka take a ƙarshe, na hawaye kuma a sama yake tsayawa, amma rubutun boko ba ya nuna karin sauti sai su fito iri ɗaya sak. Abin da ke raba su a takarda ɗan harafi ne kawai, kukaR miya mace ce, kukaN yaro namiji ne.

Sai wata mai shago a Abuja ta ce a sa mata da Turanci saboda kwastomominta ba duka ke jin Hausa ba. Na kai wa yaron da ke mana zane a wajen masu buga takardu, ya ce Oga ka bar min, ni fa har difloma gare ni. Ashe bawan Allah da ya ga "kukarmu" ya ɗauka kuskuren tayipin ne, ya gyara min ita ta koma "kukanmu", sannan ya juya ta Turanci kalma bayan kalma, kuma magani ya sa mata kalmar maganin asibiti. Abin da aka manna a leda dai ma'anarsa: koke-kokenmu ƙwayar magani ce ta masu kuka.

Ana haka wata mata ta kira lambar da ke jikin ledar, Goggo ta miƙo min waya ta ce ɗan nan zo ka ji, Turanci ake. Matar a gajiye take wallahi, ta ce jaririnta ya hana su barci, cokali nawa ake ba shi kuma da ruwan ɗumi ne ko da nono? Na ce Madam don Allah kar ki ba shi, miya ce, MIYA, da daddawa ake yi. Ta ce to me ya sa kuka rubuta magani? Ga wata kukar kuma. Goggo na gefe tana cewa me ta ce, katan nawa take so?

Wani abokina da ke aikin tallan rediyo ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce in gode Allah matar ce ta kira ba NAFDAC ba, don rubuta magani a jikin abinci iƙirari ne da sai ka kare shi. Mu a Hausa komai magani ne, haƙuri ma maganin zaman duniya ne, amma can da an ji kalmar sai a tuna kemis.

Shi ya nuna min yadda suke yi. Kafin a buga komai a ba wani wanda bai taɓa ganin na asalin ba, ya dawo da fassarar zuwa Hausa, in abin da ya dawo da shi ya ba ka kunya to ka tsira da kuɗinka. Kuma ya ce ka tambayi kanka, in an cire wasan kalmar me ya rage? Namu abin da ya rage shi ne miyar nan tana ƙosar da yara kuma tana da daɗi, to wannan za a ba mai Turanci ya gina nasa taken daga tushe, barkwancin kuma a bar shi a gida don ba ya jure tafiya. Sunan kaya ma a rubuta kuka yadda yake, a ƙasa a ce garin ganyen bishiyar kaza ne na miya. Na ce to na Maraɗi fa, a yi da Faransanci? Ya ce kai, mutanen Maraɗi za ka fassara wa kuka?

Yanzu Goggo ta fara garin ɗanwake, kuma da kanta ta yi take, "Garin da ya gagari gari", mai shagon Abuja ta ce shi ma a juya. Na ba yaron nan ya fassara, na kai wa wata malamar makaranta ta dawo da shi, ta ce abin da ta gani shi ne birnin da ya fi ƙarfin birni, ko tallan fili ne? Da na gaya wa Goggo ta ce a bar shi da Hausa, wanda bai gane ba ya tambayi maigadinsu.