Wai gibin layin dogo kuskure ne?

"Ni fa ina ganin gibin da ke tsakanin karafunan layin dogo sakacin ma'aikata ne, ai karfe ba ya wani tsawo."

A'a malam, da gangan ake barinsa. Karfe yana mikewa in ya sha zafi, sai dai kadan ne, ido ba ya gani. Lissafin shi ne ΔL = α × L × ΔT, wato ka ninka tsawon karfen da karin zafin da aka samu, sannan da lambar mikewarsa, na layin dogo kusan 0.000012 ne a kowane digiri na Selshiyos.

Dauki karfe mai mita 12 da aka shimfida da safe zafi na digiri 20, rana ta take ya kai 50, karin 30 kenan, kuma nan mutane ke zamewa su saka 50 din gaba daya. 0.000012 × 12 × 30 ya ba da mita 0.00432, milimita 4 da 'yan kai. Kamar ba komai ko? To in babu wurin da zai mike, karfin matsin sai ya lankwasa layin gefe kamar maciji, jirgi ya iya gocewa.