Taron Bayan La'asar

Da aka ba ni sakataren kwamitinmu, na ɗauka aikin rubuta rahoto ne zai wahalar da ni. Ashe saka lokacin taro ne zai fito min da furfura. Mu bakwai ne: biyar a ofis ɗaya, biyu kuma suna shigowa ta bidiyo, ɗayansu daga Landan. Shida Musulmi, ɗaya Kirista, dattijuwar da kowa ke kira Anti.

Saƙona na farko na kwana ina gyara shi. Na buɗe da sallama, na bi da bayanin cewa salla ginshiƙin addini ce, na kawo aya ta 9 ta Suratul Jumu'a wadda ta ce a bar ciniki idan an yi kiran sallar Juma'a, na nemi afuwar duk wanda tsarin zai takura, na rufe da addu'a. Sakin layi huɗu cif. Na aika, na jingina da kujera ina jiran yabo. Anti ce ta fara amsawa: "Amin, ɗana. Ƙarfe nawa ne taron?"

Na koma na karanta. Wallahi babu lokaci a ciki, ko rana ban saka ba. Kafin in farfaɗo sai ga ma'ajinmu a bakin tebur ɗina, yana nuna min layin da na rubuta "saboda masu yin salla a cikinmu". Ya ce, "Malam Sakatare, su waye marasa yin sallar? Ka lissafo min su, in san ko ina ciki." Ni Anti nake ƙoƙarin kada in ɓata wa rai, sai ga shi na tuhumi mutum biyar.

Karo na biyu na ce to, gajarta magana ita ce dabara. Na rubuta: "Taro ranar Talata bayan La'asar." A raina na ce wannan ko yaro ya gane.

Ranar Talata na gano cewa La'asar ba ɗaya ba ce a kwamitinmu. Shugabarmu, Hajiya, tana salla a ofishinta da zarar lokaci ya shiga, wato inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali, don haka 3:50 tana zaune a ɗakin taro. Ni masallacin da nake bi sai 4:00 ake tayar da iƙama, na shigo 4:20 ina murmushi, na tarar da fuskar Hajiya ba annuri. Shigar lokaci daban, lokacin jam'i daban, ni kuwa ban faɗi wanne nake nufi ba. Ma'aji ya bayyana 5:15, da na yi magana ya ce, "Yanzu kafin La'asar ne ko bayanta?" Na rasa bakin amsawa. Anti kuwa tun 3:00 take zaune da littafinta, don ta tambayi mutum biyu ƙarfe nawa ne La'asar, sun ba ta amsa biyu, ta ɗauki ta farko ta ƙara rage wani abu saboda tsaro.

Na Landan ne ya ƙarasa ni. Watan Yuni ne, rana a can ba ta faɗuwa sai bayan 9:00 na dare, La'asar kuma sai bayan 5:00 take shiga. Masallacin unguwarsu na bin Mazhabar Hanafiyya, wadda ke jiran inuwa ta ninka tsawon abu biyu, wato ƙarin sama da awa guda. Mun watse, an kashe fitila, ina hanyar gida, sai wayata ta yi ƙara: "Na shigo, ban ga kowa ba." Ya kuma gargaɗe ni cewa in Disamba ta zo, Magaribarsu kafin 4:00 take, kada in ce bai faɗa min ba. Daga ranar na daina amincewa da maɓallin da ke maimaita taro kowane mako har abada a kalandar waya. Agogo yana tsaye inda aka ajiye shi, rana ba ta tsayawa. Ko zawali kansa yakan matsa kusan rabin awa tsakanin farkon Nuwamba da tsakiyar Fabrairu.

Sai Juma'a. A nan na yi lissafi irin na masu ilimi: huɗuba 1:30, salla 2:00, raka'a biyu ba su wuce minti goma ba, tafiya minti biyar. Na saka taro 2:15, na ja layi a ƙarƙashin "a kan lokaci". Abin da ban saka a lissafi ba shi ne motata. Na je da wuri don in samu sahun gaba, na ajiye ta can ciki, motoci uku suka toshe ni ta baya. Mai ta ƙarshe bawan Allah ne mai yawan nafila. Ina tsaye a rana ina kallonsa yana sallamewa yana sake kabbara. Ba ka da ikon cewa mutum ya rage ibada, sai dai ka yi ta duba agogo kana istigfari. Ƙarfe 2:55 na isa, gumi har cikin takalmi. Ma'aji bai zo ba sai bayana, don masallacinsu 2:30 suke tayarwa.

Hajiya, wadda Juma'a ba ta wajaba a kanta ba, ta yi Azahar ɗinta tun tuni, ita da Anti sun shafe minti arba'in suna kallon kujeru. Ta dube ni ta ce, "Ƙanena, wa ya rubuta 'a kan lokaci'?" Na ce, "Ranki ya daɗe, ni ne." Ta ce in zauna, ta karɓi biro. Ta ce Juma'a ba a auna ta da tsawon salla, ana auna ta daga barin kujera zuwa dawowa kanta: alwala, tafiya, huɗuba, cunkoson fita, da bambancin masallatai. Ta zana akwati daga 12:30 zuwa 3:00 ta ce wannan ba namu ba ne. Sauran ranaku kuma, tazarar da ta fi kowace faɗi ita ce tsakanin hantsi da Azahar, babu sallar farilla ko ɗaya a ciki. In dole sai da yamma, a bar aƙalla rabin awa bayan jam'i, kuma kada a taɓa bari taro ya doshi Magariba, don lokacinta ƙanƙane ne, mutane za su miƙe ko ana tsakiyar magana. Game da rubutun kuma ta ce in ba da lamba, in faɗi lokacin tashi, in ba da zaɓi biyu, dalilin kada ya wuce rabin layi, kuma kada in ware kowa da suna ko da addini.

Ga abin da na aika a makon da ya biyo baya: "Taro ranar Talata, 10:00 zuwa 11:30 na safe agogon ofis, don mu gama kafin Azahar. In bai yi ba, Laraba a daidai wannan lokaci. Wanda ya ci karo da wani abu a wurinsa ya sanar da ni kafin Litinin."

Cikin minti goma amsoshi biyar suka shigo, kowace kalma ɗaya: "To." Ranar Talata kafin 10:00 kowa ya hallara, har na Landan. Ina buɗe littafin rahoto Anti ta matso kusa da ni ta rage murya: "Ɗana, wannan karon babu huɗuba? Ni fa na ji daɗin waccan, har na tura wa ƙanwata."