Gawayi yana kankare haƙori, amma ba ya kare shi daga kogo

Man goge baki baƙi wuluk ya cika shaguna, kuma masu tallarsa sun iya baki: wai gawayi yana zuƙe datti, yana faranta haƙori, ba ruwansa da sinadarai. A gefensa ga na ganyayyaki, mai kanumfari ko darbejiya ko na'ana'a. Ni dai a ganina tambayar da ake yi, wato wanne ya fi wanke baki, ita ce ke ɓatar da mutane. Wankewa aikin burushi ne. Ko da ruwa zalla aka goge, burushi zai cire yawancin dattin nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori. Abin da ake nema a wurin man shi ne kariya daga kogo, kuma fulorayid ne ke ba da ita, wato wani sinadari da ake sanyawa a cikin man don ƙarfafa haƙori.

A ɗauki mai shan shayi da sukari cokali uku da safe. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a jikin haƙoransa suna cin sukarin nan, su fitar da ruwa mai tsami. Da zarar tsamin ya kai ma'aunin pH, wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, ya sauka ƙasa da 5.5, ɓawon haƙori, wato farin nan mai tauri na waje, sai ya fara narkewa, kalsiyam da fosfet suna fita daga cikinsa. Miyau yana wanke tsamin cikin kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda, ya mayar da abin da ya zube. In mutumin ya bi da lemon kwalba da hantsi, ya tsotsi alawa da azahar, miyau ba ya samun sukunin gama gyara. Alamar farko wani ɗigo ne fari fat kamar alli kusa da dasashi. Daga nan sai rami.

Idan akwai fulorayid a cikin miyau lokacin wannan gyara, yana shiga cikin ginin, ɓawon da ya sake haɗuwa ya fi na da jure tsami, ba ya narkewa sai ma'aunin ya gangara wajen 4.5. Yana kuma hanzarta gyaran, har ɗigon nan fari yakan iya warkewa kafin ya zama rami. Shi ya sa a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man mai fulorayid 1000 zuwa 1500 ppm, wato kashi 1000 zuwa 1500 cikin miliyan, a jerin magunguna masu muhimmanci. Shi ya sa kuma likitocin haƙori ke cewa a tofar bayan gogewa, kada a kuskure baki da ruwa, musamman da dare, don abin ya kwana a kan haƙori.

Gawayi ba ya yin ko ɗaya daga cikin wannan. Gurza yake yi. Mai cin goro zai ga jan ya ragu cikin 'yan kwanaki, ya ji daɗi, ya ƙara matsa burushi. To, ɓawon haƙori in ya goge ba ya sake tsirowa, kuma abin da ke ƙarƙashinsa rawaya ne, mai jin zafi da sanyi. Wanda ya daɗe yana gurzawa sai ya ga haƙoran sun koma ɗorawa-ɗorawa, ruwan randa ma yana tsira masa har ƙwaƙwalwa. Wani nazari da mujallar ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta buga a 2017 bai sami gamsasshiyar hujjar cewa man gawayi yana da amfanin da ake faɗa ba, kuma akasarin waɗanda aka duba ba su da fulorayid sam.

Na ganye kuwa ban ga dalilin yaƙarsa ba. Kanumfari yana lafar da zogi, na'ana'a tana gyara numfashi, kuma da yawa daga cikin man ganyen suna ɗauke da fulorayid daidai gwargwado. A juya kwalin a nemi lambar ppm. In ta kai 1000, a saya. In an rubuta babu fulorayid, to ƙamshi kawai aka sayar maka. Asuwaki ma yana cire datti sosai a hannun wanda ya iya, sai a riƙe shi da rana, a haɗa da man safe da dare.

Masu tsoron fulorayid suna da abin nunawa, kuma bai kamata a raina su ba. A Tibiri ta jihar Maraɗi, ruwan rijiyar burtsatse mai fulorayid fiye da kima ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa, ya ɓata musu haƙora. Amma wannan ruwa ne da aka sha kullum shekara da shekaru, shi kuwa man goge baki tofarwa ake yi. Inda ake buƙatar lura shi ne ƙananan yara masu haɗiyewa: ɗan ƙasa da shekara 3 a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake ƙarama, babba yana tsaye a kansa har ya tofar.