Gudawa ɗaya, gida biyu

Shekaru da dama ke nan ina zaune a Ingila, kuma abin da na daɗe ina ɗauka shi ne ingancin asibiti ne kawai ya sa yara ba sa mutuwa a nan. Gudawar da ta kama 'yata tana da wata goma sha ɗaya ce ta sauya mini tunani, domin ta warke sarai ba mu ko taka ƙofar asibiti ba.

Da na zauna na lissafa abin da ya cece ta, sai na ga duk a cikin gida yake. Ruwan da muka dama gishiri da sukari da shi na famfo ne mai tsabta. Kashin da take yi ana kore shi a bayan gida, bai koma kan hannun yayanta ba. An ɗiga mata rigakafin ƙwayar cutar rota, mai jawo wa yara gudawa, tun tana wata biyu. Uwarta ta san alamun ƙarewar ruwa a jiki: ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, fitsari ya ɗauke, a ja fatar ciki ta ƙi komawa da wuri. Sannan yarinyar da ƙibarta cutar ta same ta, tana da abin da za ta rame da shi.

Yanzu a kai wannan gudawar gidan da babu ko ɗaya cikin waɗannan. Yaron dama tamowa ta fara cin sa, garkuwar jikinsa ba ƙarfi. Ruwan da ya jawo cutar shi ne dai za a ba shi ya sha. Uwar tana kallon yana laushi, amma kuɗin mota ba a hannunta yake ba, sai maigida ya dawo. Kwana guda ya tafi. Washegari a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda yawancin gudawar yara ba ta buƙatarsa, alhali abin da ake so shi ne ruwan gishiri da sukari da kuma ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Kafin a isa asibiti a kwana na uku, ma'aikaciyar jinya tana laluben jijiyar da za ta sa ƙarin ruwa, ta rasa. Wanda ya tsallake ma bai tsira ba: gudawa tana ƙara tamowa, tamowa tana buɗe wa wata gudawar ko ciwon huhu ƙofa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke danganta kusan rabin mace-macen ƙananan yara da rashin abinci mai gina jiki.

Wannan ba labarin baki ba ne. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa a gidajen da suka fi talauci, yara 173 cikin 1,000 ne ke rasuwa kafin su cika shekara biyar. A gidajen da suka fi wadata, 53. Ƙasa ɗaya, cututtuka iri ɗaya, amma bambancin ya haura ninki uku. Idan aka auna da karatun uwa ma kusan haka abin yake: 170 ga 'ya'yan matan da ba su yi boko ba, 56 ga 'ya'yan waɗanda suka wuce sakandare. Wannan adadi na biyu ya fi taɓa ni, domin karatun uwa ba magani ba ne, amma shi ke sa ta gane haɗari da wuri, ta kuma iya cewa yau za a tafi, ba gobe ba.

Wani zai ce a mayar da asibiti kyauta, magana ta ƙare. Ina goyon bayan hakan ɗari bisa ɗari, sai dai zaman nan ya nuna mini iyakarsa. Tun 1948 ake ganin likita kyauta a Birtaniya, kuma yara huɗu zuwa biyar ne cikin 1,000 ke rasuwa kafin shekara biyar. Duk da haka, a unguwannin da suka fi talauci a Ingila mutuwar jarirai ta haura ninki biyu na unguwannin masu hali. Ɗaki mai laima da sanyi, cunkoso, haihuwar bakwaini, uwa mai aikin da ba za ta iya bari ta je awo ba, duk likita ba ya rubuta musu magani. Abin da kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙarƙashin Farfesa Michael Marmot ya nanata ke nan a rahotonsa na 2008, cewa yanayin da aka haifi mutum, ya girma, ya yi aiki a ciki, shi ke raba masu lafiya da marasa ita.

Don haka idan na ji an ƙaddamar da katafaren asibiti a birni, ina murna, amma tambayoyina daban ne. Gida nawa ne suka samu ruwa mai tsabta da masai a bana? 'Yan mata nawa suka gama sakandare? Rigakafin rota da Nijeriya ta shigar cikin jadawalinta a 2022, ya kai ga yaron da ke tafiyar awa biyu daga ƙaramin asibiti mafi kusa, ko kuwa 'ya'yan da dama za su rayu ne suka fara samu?